An zaftare darajar inji a littafi, asusun banki bai motsa ba: wasiƙar da za ka rubuta wa daraktoci

"Ni ne jami'in kuɗi a wani kamfanin casar shinkafa a Kano. Layin injin da muka kafa a farkon 2022 kan naira biliyan 2.5, masu binciken lissafi sun ce sai an zaftare miliyan 900 daga darajarsa. Ribar bana za ta sauko daga biliyan 1.2 zuwa miliyan 300. Shugaban daraktoci ya kira ni yana tambaya ina miliyan 900 suka shiga. An ce in rubuta wasiƙa kafin ranar zama. Me zan ce musu?"

Malam, kada ka ji haushin tambayar Alhaji. Mutumin da ya tashi a kasuwa ya san asara iri ɗaya ce: kuɗi sun fita ba su dawo ba. Idan aka ce masa an yi asarar miliyan 900, dole zuciyarsa ta tafi kan sata, ko wani bashi da aka ɓoye masa. Don haka layin farko na wasiƙarka shi ne wanda zai kashe wannan zato. Ka ce masa a bana ko kwabo bai fita daga asusun kamfani ba saboda wannan abu, kuma takardar banki tana nan maƙale da wasiƙar.

Sai dai ina roƙonka kada ka tsaya a nan. Yawancin wasiƙun da na gani a shekarun da na yi ina wannan aiki suna faɗin rabin gaskiya, su ce "rubutu ne kawai na akantoci, ba ya shafar kuɗi", su rufe. Sauran rabin shi ne wanda daraktoci suka fi bukata. Kuɗin sun fita, amma tun 2022 suka fita, ranar da aka biya injin da masu kafa shi. Abin da aka gano bana shi ne injin ba zai dawo da su duka ba. Wasiƙar da ta ɗauki waɗannan maganganu biyu tare ita ce mai gaskiya.

Inda miliyan 900 suka fito

Kai ka san wannan lissafi, amma bari mu bi shi yadda za ka faɗa wa wanda bai taɓa buɗe littafin akanta ba. Zan ƙaddara an tsara injin zai yi shekara goma yana aiki, in naku ya bambanta sai ka sauya alƙaluman.

Ranar da kuka biya biliyan 2.5, ba ku rubuta su duka a matsayin kashe kuɗin shekarar ba, don da kun yi haka da 2022 ta zama shekarar mummunar faɗuwa, sauran shekaru tara kuma su yi ta nuna ribar da ta wuce ta gaskiya. Sai aka rubuta injin a matsayin kadara, aka raba kuɗinsa kashi goma, kowace shekara ana cire miliyan 250 daga riba a matsayin kason tsufa. Wannan ma ba kuɗi ne da ke fita ba, kuma shekara huɗu daraktoci suna sa hannu a kansa ba wanda ya ɗaga murya. Ka tuna musu da haka, zai sauƙaƙa maka. Bayan shekara huɗu an cire biliyan ɗaya, littafi yana nuna injin a biliyan 1.5.

Wannan biliyan 1.5 alkawari ne. Ma'anarsa, kamfani yana cewa injin zai dawo da aƙalla wannan adadi, ko ta aiki ko ta sayarwa. Ƙa'idar lissafi ta duniya mai lamba IAS 36, wadda ke cikin ƙa'idojin da Najeriya ta fara aiki da su daga 2012, ta ce duk lokacin da aka ga alamar alkawarin nan yana rawa, dole a gwada shi. Alamun kuwa kun gan su da idonku. An gina masana'antun shinkafa da yawa a zamanin shirin rancen manoma na Babban Banki da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da lokacin rufe iyakoki na 2019, aka wayi gari injina sun fi shanshera yawa. A 2024 gwamnati ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na wani lokaci, har da shinkafar da aka ɓare ba a goge ba. Kuɗin ruwa kuma ya hau, har ma'aunin Babban Banki ya kai kashi 27.5 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Layin da aka kafa don ya yi aiki dare da rana, in yana yin kwana biyu ko uku a mako, ba sai an jira mai bincike ya faɗa ba.

Gwajin yana da ma'auni biyu, kuma wanda ya fi tsoka ake ɗauka. Na farko, nawa za a samu in an sayar da injin yau, bayan an cire kuɗin kwancewa da la'adar dillali? A ce miliyan 500. Na biyu, nawa zai kawo in aka ci gaba da aiki da shi? A ce bayan an biya shanshera, dizal, albashi da gyara, layin yana barin miliyan 200 a shekara, kuma shekara shida ta rage masa. In aka tara sun zama biliyan 1.2, amma nairar da za ta zo bayan shekara shida ba daidai take da ta hannu ba, musamman a ƙasar da banki ke karɓar ruwa mai nauyi. In aka rage darajar kuɗin kowace shekara da kashi 25 cikin ɗari, jimlar takan tsaya kusa da miliyan 600. Wannan ya fi 500, shi ake ɗauka. Littafi yana cewa biliyan 1.5, gwaji yana cewa miliyan 600, ratar da ke tsakani ita ce miliyan 900.

Akwai alƙalami ɗaya da nake so ka sa a wasiƙar, don shi ne yake sa daraktoci su gane nauyin abin. Kafin injin ya cancanci biliyan 1.5 ɗin da ke littafi, da wannan ma'auni, sai ya riƙa barin sama da miliyan 500 a kowace shekara. Yana barin 200. Ɗan kasuwa zai fahimci wannan nan take.

Ka kuma shirya wa tambayar da na tabbata za a yi maka: dala ta ninka fiye da sau uku tun 2022, ta yaya injin da aka shigo da shi daga waje zai faɗi a naira? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma wani lokaci mai tambayar ne ke da gaskiya. Kada ka amsa ta da baki. Ka nemo rubutaccen ƙiyasi daga masanin kimanta kadara, ka ga abin da mai saye zai biya a yau. Farashin sabon inji daban yake da na tsohon da aka kafa a kan siminti, kuma wani kaso na biliyan 2.5 ya tafi ne a harsashi, rumfa, wayoyin lantarki da kuɗin masu kafawa, abubuwan da ba a kwance su a loda a mota. Masu saye ma sun yi ƙaranci idan kowa nasa injin yana kwance. Amma in ƙiyasin ya fito sama da miliyan 600, kana da hujjar komawa wurin masu bincike a rage zaftarewar. Ka yi wannan kafin zama, ba bayansa ba.

Yadda za ka nuna cewa kuɗi ba su motsa ba

Rubutun da za ka shigar ƙafa biyu gare shi. Ɗaya tana ƙara miliyan 900 a cikin asarar shekara, ɗayar tana rage miliyan 900 daga darajar inji. Babu ƙafar da ta taka asusun banki. Ba a rubuta ceki ba, ba a tura wa kowa komai ba.

Hanya mafi sauƙi ta tabbatar da haka ita ce ka ajiye lissafi biyu kusa da juna. Da ba a zaftare ba, riba biliyan 1.2 ce, a mayar da kason tsufar wannan layi miliyan 250 tunda bai fita ba, ya zama biliyan 1.45. Da aka zaftare, riba miliyan 300 ce, a mayar da 250, a mayar da 900, ya zama biliyan 1.45. Hanya biyu, masauƙi ɗaya. Haka ma zai fito a takardar shige da ficen kuɗi da masu bincike za su sa wa hannu, inda ake farawa da riba sannan a mayar da duk abin da aka cire wanda ba kuɗi ba ne.

In kana son misalin da zai zauna a ran Alhaji, ka kai shi Dawanau. Mutum ya sayi buhun masara ɗari a kan dubu sittin sittin, ya jibge a sito, farashi ya sauko zuwa dubu arba'in. Bai sayar ba, aljihunsa yana nan yadda yake jiya. Amma idan shekara ta zagayo ya zauna ƙiyasta hajarsa don fitar da zakka, da farashin ranar zai yi, kuma shi da kansa ya san uwar kuɗinsa ta ragu da miliyan biyu. Ba wanda ya sace masa, amma ba zai ce bai yi asara ba.

Inda abin yake cizo

A nan ne na taɓa ƙonewa, shi ya sa nake nanatawa. Shekarun baya, a wani kamfani da na yi wa aiki, muka zaftare darajar wani sashe da ya daina ja. Na rubuta wa daraktoci shafi ɗaya mai daɗin karatu, na ce abin bai shafi kuɗi ba, aka sa hannu, aka sha shayi aka watse. Bayan mun miƙa wa banki lissafin shekara, sai ga wasiƙa. A cikin takardar rancenmu, can wajen shafukan ƙarshe, akwai sharaɗin cewa bashin kamfani kada ya wuce ninki kaza na dukiyar masu hannun jari. Zaftarewar ta rage dukiyar, muka tsallake iyaka ba mu sani ba. Har yau ina tuna yadda shugaban ya ajiye wasiƙata da ta banki gefe da gefe a kan tebur, ya cire tabarau, ya ce, "Malam, wacce zan gaskata?" Mun samu sassauci daga baya, amma sai da muka biya kuɗin sake yarjejeniya, kuma wannan tsabar kuɗi ne suka fita.

To kafin ka rubuta kalma ɗaya, ɗauko duk takardun rance ka karanta sharuɗɗan. Ka duba ko ana auna bashi da dukiyar masu hannun jari, ko ana auna kuɗin ruwa da riba, kuma wace riba ce, ta kafin zaftarewa ko ta bayanta. Ka duba ko wannan injin yana cikin jinginar da aka ba banki. In akwai haɗari, ku ne za ku je wa banki da maganar tun kafin ya gani da kansa, ku nemi rubutaccen sassauci. Lokaci yana da muhimmanci a nan, domin idan an karya sharaɗi a ƙarshen shekara kuma banki yana da ikon neman kuɗinsa, ƙa'ida takan tilasta a nuna rancen duka a matsayin wanda za a biya nan kusa. Ban ga takardunku ba, don haka wannan aikin naka ne da lauyan kamfani.

Wuri na biyu shi ne rabon riba. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ce daga ribar da ta halatta a raba ake biyan masu hannun jari, ba daga jari ba, kuma daraktocin da suka biya daga jari da saninsu za su ɗauki alhaki da kansu. Zaftarewa tana cin wannan ribar ko da banki cike yake. In an tara ribar shekarun baya mai yawa, ana iya rabawa daga cikinta. In ba a tara ba, za ka ga kuɗi a asusu amma hannu bai isa gare su ba. Wannan ne zai fi yi wa wasu daraktoci zafi, gara su ji daga bakinka.

Haraji kuwa, kada kowa ya sa rai zai ragu. Hukumar haraji ba ta karɓar zaftarewa a matsayin kashe kuɗi, kamar yadda ba ta karɓar kason tsufan da muke rubutawa. Tana da nata rangwamen da take bayarwa a kan injina, kuma shi zai ci gaba yadda yake. Za ka ga wani sauƙi ya bayyana a layin harajin da aka jinkirta, kusan miliyan 270 in kuna biyan kashi 30 cikin ɗari, amma shi ma rubutu ne, abin da za ku biya hukuma bana bai sauya ba. Jimla ɗaya ta isa wannan a wasiƙar.

Akwai kuma abin da zai faru baɗi, wanda in ba ka faɗa yanzu ba zai ruɗi mutane. Tunda injin ya koma miliyan 600 kuma shekara shida ta rage, kason tsufa zai sauko daga miliyan 250 zuwa 100. Riba za ta ƙaru da miliyan 150 kowace shekara ba tare da an ƙara sayar da buhu ɗaya ba. In ka ninka 150 sau shida, miliyan 900 ne cif. Wato nauyin da za a ɗauka a hankali ne aka ɗauka lokaci ɗaya. Daraktoci su san wannan kafin su yaba wa kowa kan ribar baɗi, musamman in ana biyan manajoji ladan ƙwazo bisa riba.

Manyan kamfanonin duniya ma sun nuna cewa irin wannan rubutu yakan zo da saƙo. A Fabrairun 2019 kamfanin abinci na Amurka, Kraft Heinz, ya zaftare dala biliyan 15.4 daga darajar sunayen kayansa da abin da ya biya wajen haɗewa. Zaftarewar ba ta fitar da dala ɗaya ba, amma a rana guda ya rage rabon riba daga santi 62.5 zuwa 40 a kan kowane hannun jari duk wata uku, kuma farashin hannun jarin ya faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Masu zuba jari sun karanta abin a matsayin iƙirari cewa kuɗin gobe ba za su kai yadda aka zata ba.

Gargaɗi ɗaya kafin wasiƙar. Kada ka jera wannan da asarar canjin kuɗi ko bashin kwastomomi da ya mutu, ka kira su duka "ba na kuɗi ba". In ana bin ku bashin dala kuma naira ta faɗi, kamar yadda ya faru da kamfanoni da yawa daga Yunin 2023, asarar tana littafi yau amma ranar biya da tsabar naira za ku sayi dalar. Ta inji kuɗinta sun riga sun fita. Ka raba su layi layi.

Wasiƙar

Ga yadda zan rubuta ta da ni ne. Kada ta wuce shafi ɗaya da rabi, sauran su tafi cikin takardun da ka maƙala.

"Ranka ya daɗe Shugaba, da sauran daraktoci masu girma,

Assalamu alaikum. Lissafin bana zai nuna riba kafin haraji naira miliyan 300, maimakon biliyan 1.2 da muka sa rai. Bambancin miliyan 900 ya fito ne daga rage darajar layin casa na biyu a littafi. Babu kuɗin da ya fita daga asusun kamfani saboda wannan, babu wanda aka biya, babu abin da ya ɓata. Takardun banki na ƙarshen shekara suna maƙale.

Mun biya biliyan 2.5 a 2022, kuma littafi yana nuna layin a biliyan 1.5 bayan kason tsufa na shekara huɗu. Kafin ya cancanci wannan daraja, sai ya riƙa barin sama da miliyan 500 a shekara. Abin da yake bari kusan miliyan 200 ne, saboda ƙarancin shanshera da faɗuwar farashin shinkafa. Bisa haka darajarsa ta gaskiya miliyan 600 ce. Masanin kimanta kadara ya ƙiyasta cewa in an sayar ba zai wuce miliyan 500 ba.

Ina so in faɗi a fili cewa wannan asara ce ta gaske, ko da ba ta taɓa asusun bana ba. Kuɗin da muka zuba a 2022 ba za su dawo duka ba, bisa abin da muke gani yanzu.

Abin zai shafi wurare uku. Ribar da doka ta yarda a raba ta ragu. Ma'aunin da ke cikin yarjejeniyar rancenmu ya matsa kusa da iyaka, kuma ina neman izininku in zauna da banki kafin mu miƙa lissafi. Harajin da za mu biya bana bai ragu ba. Daga baɗi kason tsufa zai sauko da miliyan 150 a shekara, don haka riba za ta ƙaru da wannan adadi ba don kasuwa ta gyaru ba.

Shawarar da ke gabanku ita ce abin da za a yi da layin: a ci gaba da shi yadda yake, a nemi masu kawo shinkafarsu a casa musu a biya mu, ko a sayar. Na maƙala lissafin kowanne."

A wajen rabon riba da ma'aunin banki, ka sa ainihin alƙaluma, nawa ne kafin, nawa ne bayan, ina iyaka take. Ka kuma maƙala ɗan jadawali da ke nuna yadda miliyan 600 za su sauya in layin ya bar miliyan 150 ko 250 a shekara, ko in ma'aunin ragin ya koma kashi 20 ko 30. Da miliyan 250 darajar takan kai kusan 740, da 150 kuma ta sauko kusan 440, inda farashin sayarwa na 500 zai zama shi ne ma'auni. Daraktoci suna da haƙƙin sanin cewa adadin ƙiyasi ne da aka gina a kan zato game da kasuwa.

Wani zai tambaya ko za a iya mayar da darajar in kasuwa ta farfaɗo. Ga inji, ana iya mayarwa idan dalilan sun sauya da gaske, amma ba za ta wuce inda littafi zai kasance da ba a taɓa zaftarewa ba. Kada ka yi musu alkawarin haka a rubuce. Kuma in da hali, ka kai wa Shugaba wasiƙar da hannunka kwana biyu kafin zama, ku karanta tare da takardar banki a buɗe, ka roƙi babban mai binciken ya halarci zaman don ya amsa tambayar ma'aunin kashi 25 da bakinsa.